Yadda ake rubuta imel ɗin neman lokacin ganawa ga babba, tsara, na ƙasa da baƙon wata ƙasa

A ce kai jami'in shirye-shirye ne a wata ƙungiya mai aikin noman rani a Kano, aka ɗora maka haɗa ganawar minti 45 ta Zoom don a duba kasafin zango na gaba. Mutum biyar za su halarta: Farfesan da ke shugabantar kwamitin ba da shawara, wata Dakta daga hukumar da ke ba da kuɗin aikin a Jamus, Daraktan wata ma'aikata a Yamai, abokin aikinka da kuke zaune ofis ɗaya, da ɗan bautar ƙasa da ke riƙe da alƙaluman gonaki. Abin da yawancin mutane ke yi shi ne su rubuta wasiƙa ɗaya su watsa wa kowa. Sai Farfesa ya ga an haɗa shi layi ɗaya da yaron da bai kai ɗalibinsa ba ya yi shiru, Bajamushiya ta yi ta laluben ranar taron a cikin gaisuwa, abokin aikinka kuma ya leƙo yana tambayar ko lafiya ka koma yi masa "ranka ya daɗe". Ganawar ɗaya ce, amma wasiƙun farko biyar ne, kuma ga yadda ake bi da su.

Mataki na farko: rubuta ƙashin wasiƙar kafin ka tuna da gaisuwa

Akwai abubuwa huɗu da ba sa canzawa ko wa za ka aika wa: dalilin ganawar, tsawonta, ranakun da kake ba da zaɓi, da inda za a yi ta. Ka rubuta su a gefe tukuna. A misalinmu: duba kasafin zango na gaba, minti 45, Talata 14 ko Laraba 15 ko Alhamis 16 ga Afrilu da ƙarfe goma na safe agogon Najeriya, ta Zoom.

Ka lura an rubuta sunan rana da sunan wata cikakke. Idan ka sa 04/05, Ba'amurke zai karanta 5 ga Afrilu, mu da Turawan Birtaniya mu karanta 4 ga Mayu. Batun agogo ma haka. Kano da Yamai agogonsu ɗaya duk shekara. Jamus daidai take da mu a lokacin sanyinsu, amma daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba suna gaba da awa ɗaya, don haka ƙarfe goman Kano a Afrilu sha ɗaya ce a wajensu. Birtaniya kuwa akasin haka: a waɗannan watannin muna daidai, da sanyi suna baya da awa ɗaya. Wanda ya saba da cewa "ai agogonmu ɗaya da Jamus" tun Janairu shi ne ke shiga taro a makare a Afrilu.

Mataki na biyu: auna girmamawa daban, sakin fuska daban

Nan ne mutane ke ruɗewa, domin suna ɗaukar abin kamar igiya ɗaya ce, in ka ja wajen ladabi sai fara'a ta ragu. Alhali abu biyu ne. Girmamawa tana fitowa a laƙabi, da lamirin da ka kira mutum da shi, da yadda ka rufe wasiƙa, da kuma wanda aka bar wa zaɓin lokaci. Sakin fuska yana fitowa a tambayar lafiya, da ambaton wani abu da ya haɗa ku, da godiya ta musamman. Farfesan Kano yana son duka biyun da yawa. Bajamushiyar da ba ku taɓa haɗuwa ba tana son girmamawa sosai, sakin fuska kaɗan. Abokin aikinka yana son fara'a ba tare da laƙabi ba. Ɗan bautar ƙasa kuwa sakin fuskarka ya fi buƙata fiye da kowa, saboda dalilin da za mu zo kansa.

Yaya za ka san inda mutum yake? Kada ka dogara da sunan ƙasarsa kawai, don cikin Jamusawa akwai masu sakin jiki, cikin namu akwai wanda doguwar gaisuwa ke gundurarsa. Ka buɗe imel ɗin ƙarshe da ya aiko maka ko ya aika wa ofishinku, ka duba wurare uku: yadda ya buɗe, yadda ya rufe, da sunan da ya sa a ƙasa da hannunsa. Idan ya rufe da sunansa na yanka kaɗai, ya buɗe maka ƙofa. Idan cikakken suna da muƙami ne kawai, wanda na'ura ke liƙawa da kanta, ƙofar ba ta buɗe ba tukuna. In ba ka da wata tsohuwar wasiƙarsa, ka fara daga sama, ka bari shi ya sauko da kai. Saukowa daga "Dakta" zuwa suna tsagwaronsa ba ta da wuya. Komawa kan laƙabi bayan ka riga ka kira mutum gatsal ita ce mai nauyi, domin kowa ya gane gyara kake yi.

Mataki na uku: fara da wanda lokacinsa ya fi tsada, kuma ta ƙofar da ta dace

Kafin ka rubuta wa kowa, ka tsayar da jerin tuntuɓa. A nan Farfesa da Dakta ne kan gaba, sai Darakta, sannan na cikin gida. Idan ka fara daidaitawa da abokin aikinka, ka ƙare da kai wa babba rana ɗaya tilo, wato ka sanar da shi kenan, ba ka nemi izininsa ba.

In babban yana da sakatare ko mataimaki na musamman, shi za ka rubuta wa game da ranaku, kuma ka girmama shi da gaske. Shi ke riƙe da littafin ganawa, kuma ya san ranar da ogansa ke zaman majalisar jami'a ko tafiya Abuja. Abu ɗaya da na ke hana matasan ma'aikata: aika wa babba mahaɗin Calendly ko Doodle, shafukan da mutum ke shiga ya zaɓi lokacin ganawa, a wasiƙar farko. Tsakanin tsara abin sauƙi ne mai kyau. Amma ga wanda ya girme ka ma'anarsa ita ce "ga lokutan da nake da sarari, ka nemi gurbi", ka mai da kanka mai ofis shi kuma mai jiran layi. Haka nan jefa masa gayyatar Outlook ko Google Calendar kafin ya amsa, don ka shiga kalandarsa ba sallama.

Mataki na huɗu: wasiƙar Farfesa

Ga yadda za ta kasance idan da Hausa kuke mu'amala:

"Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. Da fatan Farfesa yana lafiya, da iyali da ɗalibai. Mun gode ƙwarai da gyaran da aka yi mana a rahoton watan jiya, mun shigar da shi duka. Ina neman alfarmar minti 45 daga lokacin Farfesa don kwamiti ya duba kasafin zango na gaba ta Zoom, tare da wakiliyar masu ba da tallafi da Darakta daga Yamai. Ranakun da muke dubawa su ne Talata 14, Laraba 15 ko Alhamis 16 ga Afrilu, ƙarfe goma na safe. In babu wadda ta yi daidai, duk ranar da Farfesa ya ga ta fi sauƙi a wannan makon za mu daidaita sauran mutane a kanta. Na haɗo da takardar kasafin, shafi biyu ce. Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana."

Akwai abubuwa a cikinta da ya kamata a tsaya a kansu. Na farko, kusan ba a ce masa "ka" ba in ban da cikin gaisuwar girma ta "ranka ya daɗe". An bi ta laƙabinsa, "Farfesa yana", "Farfesa ya ga", an kuma yi amfani da "aka yi mana" maimakon "ka yi mana". Haka Bahaushe ke kauce wa nuna babba da yatsa a magana, kuma a rubuce ma yana aiki. In mace ce, "ranki ya daɗe" da "Hajiya" ko "Farfesa tana". Na biyu, gaisuwar jimla biyu ce rak, ta uku kuma godiya ce a kan takamaiman abin da ya yi. Wannan jimla ɗaya ta fi sahu biyar na kirari tasiri, don ta nuna an karanta gyaransa an kuma yi aiki da shi.

Na uku shi ne mafi muhimmanci, kuma nan ne masu ladabi da yawa ke faɗuwa. Saboda kunya sai su rubuta "duk lokacin da ya dace da ku, ranka ya daɗe" su tsaya nan. A ido tawali'u ne, amma ka ɗora wa mutumin aiki: sai ya buɗe kalanda, ya yi tunanin wane mako kake nufi, ya ƙirƙiro rana da kansa. Mai aiki da yawa ajiye irin wannan wasiƙa yake yi sai "an jima", an jimar da ba ta zuwa. Ka ba shi ranaku biyu ko uku da zai iya amsawa da kalma ɗaya, sannan ka bar masa ƙofar kawo tasa. Da haka zaɓi na hannunsa, wahalar kuma na hannunka, kuma wannan ita ce girmamawar da yake ji a jikinsa.

In da Turanci ofishinku ke rubutu, tsarin bai canza ba, sai dai ka kula da suna. A wajenmu laƙabi da sunan yanka yake tafiya: Malam Wane, Hajiya Wance, Farfesa Wane. Sunan ƙarshe sau da yawa na mahaifi ne ko na gari, shi ya sa "Dear Prof." da sunan da mutane suka san shi da shi ya fi zama daidai a kunnensa.

Mataki na biyar: wasiƙar Jamus

A nan dokar suna ta juye. Laƙabi da sunan dangi yake tafiya, kuma digirin dakta ba a yar da shi a wasiƙar farko. Da Turanci ka buɗe da "Dear Dr." sai sunan danginta. Da Jamusanci "Sehr geehrte Frau Dr." ne, a rufe da "Mit freundlichen Grüßen". Kada ka sa "Dear Ma" ko "Dear Sir" irin na ofisoshinmu ga wadda ka san sunanta, don a wajenta alama ce ta ba ka damu ka duba ko wace ce ba. Ka kuma tabbatar mace ce ko namiji kafin ka rubuta: Andrea sunan mace ne a Jamus, amma a Italiya na maza ne.

Jimlar farko ta faɗi abin da kake so. Ma'anar wasiƙar, in an mai da ita Hausa, ba ta wuce haka ba: "Ina rubuto miki ne don tsayar da ganawar minti 45 kan kasafin zango na gaba. Shin Talata 14, Laraba 15 ko Alhamis 16 ga Afrilu, ƙarfe 11:00 agogon Jamus, wato 10:00 agogon Najeriya, za ta yi miki? Ga ajanda a haɗe. Zan so samun amsarki kafin Juma'a 3 ga Afrilu don in tabbatar wa sauran." Babu tambayar maigida da yara. Mu a wajenmu rashin tambayar iyali rashin tarbiyya ne, a wajen wadda ba ta san ka ba kuma tambayar shiga sha'anin gidanta ne. Kulawarka za ta gan ta a wasu wurare: ka rubuto da wuri, mako biyu ko fiye kafin ranar, ka sa agogonta a gaba, ka haɗo ajanda, kuma ranar taron an tashi a minti na 45 kamar yadda aka ce.

Idan ta amso da layi ɗaya, "Laraba ta yi", kada ka ɗauka fushi take. Ta amsa abin da aka tambaye ta ne.

Da a ce Ba'amurke ne, da wuya a yi wasiƙa biyu bai koma "Hi" da sunanka na yanka ba, kai ma sai ka bi shi, amma ka sani sakin bakin ba ya nufin an sassauta wa'adi. Da Bajapane ne, sunan dangi da "-san" a ƙarshe, kuma ka tuna suna gabanmu da awa takwas, ƙarfe goman safiyarmu shidan yammarsu ce, don haka sai a matso da taron da sassafe. Da Balaraben Saudiyya ne, ka dawo kusa da gida: sallama, tambayar lafiya, laƙabi da sunan yanka. Sai dai hutun makonsu Juma'a da Asabar ne tun 2013, Lahadi ranar aiki ce, kuma suna gabanmu da awa biyu.

Mataki na shida: wasiƙar Yamai

Wannan tana da tarko na musamman, saboda kusanci. Mai yiwuwa Daraktan Bahaushen Maraɗi ne ko Damagaram, kuma a waya kuna "ina gajiya, ina labari" kamar 'yan gida ɗaya. Amma imel ɗin da zai shiga akwatin ma'aikatarsa takardar aiki ce, wataƙila sakatariyarsa ta buga ta a ajiye a fayil, kuma al'adar rubutun ofis a can ta Faransanci ce, wadda ta fi ta Ingilishi tsauri. Ana buɗewa da muƙami, "Monsieur le Directeur", ba tare da suna ba. Ana amfani da "vous", lamirin girmamawa, daga farko har ƙarshe. Wasiƙar farko ana rufe ta da doguwar jimlar nan, "Je vous prie d'agréer, Monsieur le Directeur, l'expression de mes salutations distinguées", sai an saba ake saukowa zuwa "Cordialement". Lokaci kuma a rubuta shi 10h00.

Dabarar ita ce ka raba aikin gida biyu. Sakin fuska ya tafi ta waya ko saƙon murya da Hausa: "Ranka ya daɗe, na turo takarda ta imel kan zaman da muke so a yi, a duba mana." Girmamawar hukuma kuma ta tafi a rubuce. In Faransancinka bai kai ba, ka rubuta da Turanci mai sauƙi a bisa wannan tsari, ko ka ba wanda ya iya ya duba maka, domin "tu" ɗaya, lamirin da ake kiran tsara da shi, in ya kutso cikin wasiƙar ya isa ya ɓata ta.

Mataki na bakwai: na cikin gida

Abokin aikinka layi biyu ya ishe shi: "Malam, zaman kasafin nan zai faɗo 14, 15 ko 16 ga Afrilu, goma na safe, ya danganta da amsar Farfesa. Akwai wadda ba za ka samu ba?" Shi kenan.

Ɗan bautar ƙasa ne ke buƙatar tunani. Wanda ke ƙasa da kai ba ya iya ce maka a'a, kuma gajeren saƙo daga babba tsoro yake sa shi. "Ka same ni gobe ƙarfe goma" ba tare da dalili ba na iya hana yaro barci yana lissafin laifin da ya yi. Saboda haka ka faɗi dalili, ka faɗi abin da ake so ya kawo, ka kuma ba shi hanyar faɗin uzuri ba tare da jin kunya ba: "Sannu da ƙoƙari. Za mu yi zama da kwamiti kan kasafi a makon 14 ga Afrilu, ina so ka halarta don kai ka fi kowa sanin alƙaluman gonakin. Ba jawabi za ka yi ba, tambaya ɗaya ko biyu ce za a iya yi maka. In ranar ta ci karo da ranar aikin al'ummarku ta bautar ƙasa, ka gaya mini tun yanzu." Ambaton uzurin da bakinka shi ke ba shi izinin faɗa.

Mataki na takwas: tabbatarwa, tuni da ɗagewa

Da an tsaya a kan rana, a ce Laraba 15, sai yanzu gayyatar kalanda za ta fita ga kowa a haɗe. Wasiƙar haɗaka ana rubuta ta a matakin wanda ya fi kowa girma a cikinta, a jera sunaye daga babba zuwa ƙarami, a bar barkwancin ofis a waje. Kan wasiƙar, wato gurbin Subject, ya ɗauki komai: ganawar kasafi, Laraba 15 ga Afrilu, 10:00 Kano da Yamai, 11:00 Jamus. Ka kuma ja kunnen na cikin gida kada wani ya danna Reply All ya aiko da wasa.

Idan shiru ya yi yawa, tunin ma kowa da irin nasa. Ga Dakta, bayan kwana uku ko huɗu na aiki ka sake turawa a ƙarƙashin wasiƙar farko, layi biyu, tare da ranar da kake buƙatar amsa. Ga Farfesa, imel na biyu da na uku a jere kama da matsa lamba yake. Gara ka kira sakatarensa, ko ka aika gajeren saƙon waya mai sallama kana sanar da shi akwai takarda a akwatinsa. In ya amso da "to, Allah ya kai mu" bai ambaci rana ba, kada ka ɗauka an gama. Ka mayar da godiya kana maimaita ranar da bakinka: "Na gode, ranka ya daɗe. Mun tsayar da Laraba 15 ga Afrilu, ƙarfe goma na safe kenan, in sha Allah." In akwai kuskure, a nan zai gyara maka.

Akwai alamun da ke nuna ka kauce a awo. Idan kana rubuta "Dear Dr." ita kuma sau biyu tana rufewa da sunanta na yanka, ka yi tsauri da yawa, ka sauko. Idan ka sake jiki amsa ta dawo da cikakken laƙabi da muƙami, ko babban ya daina amsawa da kansa ya koma turo sakatare, ka yi gaba da yawa, sai ka koma mataki ɗaya a wasiƙa ta gaba ba tare da dogon ban haƙuri ba.

In kuma dole ta sa a ɗage zaman daga ɓangarenku, Farfesa da Darakta a kira su a waya tukuna, imel ya biyo baya. Dakta a rubuta mata nan take, ban haƙuri jimla ɗaya, dalili a taƙaice, da sababbin ranaku biyu a cikin wasiƙar guda. Sannan ka gyara ranar a cikin tsohuwar gayyatar kalanda maimakon ka aika sabuwa, don kada ranar Laraba wani ya zauna shi kaɗai a Zoom yana jiran mutane.